Mudu Ɗaya Ga Kowa: Abin da Shugaban Sashe Ke Faɗa wa Sababbin Masu Maki

Idan aka gama jarrabawar ƙarshen zango a jami'a, ɗalibai sukan tattara kayansu su tafi hutu, a ganinsu aiki ya ƙare. A wajen malamai kuwa lokacin ne ya fara. Kwas guda na 'yan aji ɗaya yakan tara ɗalibai ɗari shida ko fiye, kuma babu malamin da zai duba takardu ɗari shida shi kaɗai cikin 'yan makonnin da ake bayarwa. Dole a raba. Waɗanda ake raba wa kuwa galibi ƙananan malamai ne, wasu ma bara ko bara waccan suka gama digirinsu, ba su taɓa riƙe jan biro a kan takardar wani ba. Saboda haka shugaban sashen da ya san aikinsa ba ya miƙa musu ɗaurin takardu haka kawai. Yakan tara su tukuna a ofishinsa, a rufe ƙofa, ya yi musu jawabi. Ɗalibai da iyayensu ba sa jin wannan jawabi, alhali a kansu ake yin sa.

Mutum zai ɗauka cewa maganar cin hanci da alfarma ce za ta cinye zaman. Ana taɓa ta, amma a gurguje, don kowa ya san hukuncinta. Abin da ya fi damun shugaban shi ne malami mai gaskiya, wanda bai karɓi sisin kowa ba, bai san ɗalibin ba, amma ya ba da 8 a amsar da abokin aikinsa na ofishin kusa zai ba 16. Babu wanda ya yi ha'inci a cikinsu, kuma an zalunci wani. Jigon jawabin ke nan: makin ɗalibi bai kamata ya dogara da teburin da takardarsa ta faɗa ba. Kasuwar da kowane mai awo ya zo da girman mudunsa, ko da dukkansu masu tsoron Allah ne, mai saye bai san abin da ya saya ba.

Sababbin malamai sukan ji wannan su yi murmushi a ransu, kowa na ganin da wani ake. To, matsalar tsohuwa ce, kuma an auna ta. A shekarar 1912 wasu malamai biyu na Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, suka ɗauki takardun jarrabawar Ingilishi na ɗalibai biyu, suka kwafe su, suka aika wa makarantun sakandare domin malaman Ingilishi su ba su maki. Malamai 142 suka amsa. Takarda ta farko ta sami maki daga 64 har zuwa 98, ta biyun daga 50 zuwa 97. Aka ce ai wannan Ingilishi ne, ra'ayi ya yi yawa a cikinsa. A shekarar da ta biyo baya sai suka maimaita gwajin da takardar lissafi, inda ake zaton amsa ko daidai ce ko kuskure. Abin ya fi muni: wani ya ba ta ƙasa da 30, wani ya ba ta sama da 90. Wasu malaman amsar ƙarshe kawai suka duba, wasu suka ba da lada a kan hanyar da aka bi, wasu suka rage maki saboda ƙazantar rubutu.

A Ingila kuma, cikin 1935, Philip Hartog da E. C. Rhodes suka buga sakamakon wani gwaji da ya fi wannan ban kunya. An ba ƙwararrun masu maki goma sha huɗu takardun tarihi goma sha biyar suka duba. Bayan fiye da shekara guda aka sake ba su takardun nan dai, an goge alamun farko. A cikin hukunci 210, sau 92 mai maki ya saɓa wa hukuncin da shi da kansa ya yanke a baya game da matakin da takardar ta dace da shi. Wato ba da abokin aikinsa kaɗai mutum ke saɓawa ba, har da kansa na jiya.

Bayan wannan shimfiɗa sai shugaban ya fito da takardar da komai ya rataya a kanta, jadawalin raba maki, wanda malamai ke kira makin sikim. Malamin da ya tsara tambayoyin shi ke rubuta shi, kuma a ƙa'ida tare da tambayoyin ake miƙa shi tun kafin jarrabawa. A cikinsa ake faɗin abin da ake nema a kowace amsa da nawa za a ba kowane ɓangare. Amma raba wa mutane wannan takarda ba ya wadatarwa, domin kowa da yadda zai karanta ta. Abin da shugaba mai ƙwarewa ke yi shi ne ya zaɓo takardu huɗu ko biyar daga cikin ɗaurin, mai kyau da matsakaiciya da mai rauni da mai rikitarwa, a yi fotokofinsu, a ba kowa, kowa ya yi makinsa shi kaɗai ba tare da leƙen na kusa ba. Sannan a rubuta sakamakon a allo.

Bari mu bi misali guda daki-daki. A ce kwas ɗin tarihin Najeriya ne, tambayar kuma ita ce a bayyana dalilai uku da suka sa Turawan mulkin mallaka suka haɗe Arewa da Kudu a 1914. Maki 20 ne. Jadawalin ya ce gabatarwa 2, kowane dalili 5, tsari da kyawun bayani 3. Biyar ɗin kowane dalili kuma an kasa ta: 1 na ambatonsa, 3 na bayaninsa, 1 na kawo hujja. Dalilan da malamin ya lissafa su ne matsalar kuɗi, domin kuɗin shigar Arewa ba ya isar gwamnatinta sai an tallafa mata, da batun haɗa harkar jirgin ƙasa, da sauƙaƙa mulki a ƙarƙashin gwamna ɗaya.

Ɗalibar da aka kwafi takardarta ta yi gabatarwa mai kyau. Ta bayyana batun kuɗi sosai, har ta ambaci tallafin da ake samu daga baitulmalin Birtaniya. Batun jirgin ƙasa layi biyu kawai ta yi masa, ba ta ko ambaci cewa layin dogo ya isa Kano a 1911 ba. A dalili na uku sai ta bar abin da ke cikin jadawali, ta ce Arewa ba ta da tashar jirgin ruwa, kayanta ta Kudu suke shiga suke fita, kuma a bakin teku ake karɓar kuɗin fito. Ga rubutun hannunta kamar tafiyar kaza, ga Turancin da gargada.

Malami na farko ya ba ta 8. Ya rage ɗaya a batun kuɗi don bai ga shekara ba, ya ba jirgin ƙasa 2, ya ba dalili na uku sifili tunda ba ya cikin jadawali, ya kuma hana ta makin tsari gaba ɗaya saboda wahalar da ya sha wajen karantawa. Malama ta biyu ta ba ta 16, domin a ganinta dalili na ukun nan alamar tunani ce, yarinyar ba hadda ta yi ba. Na uku ya ba da 12, yana cewa maganar kuɗin fito ai ci gaban dalilin farko ce, ba sabon dalili ba. Na huɗu ya rubuta 11 a ƙasan amsar ya zagaye, da aka tambaye shi yadda ya kai ga 11 sai ya ce haka dai ya ji amsar ta cancanta. Wannan na huɗun shi ne ya fi tayar wa shugaba hankali, ko da yake lambarsa ba ta yi nisa da gaskiya ba. Mai 8 da mai 16 ana iya zama da su a nuna musu inda suka kauce. Wanda bai rubuta ƙananan makinsa a gefen takarda ba, babu mai iya bin sawunsa, har shi kansa.

A nan ake yin ainihin aikin, kuma yakan ɗauki sa'a guda a kan tambaya ɗaya. Sai an yanke hukunci a kan kowane saɓani, a rubuta shi a jikin jadawalin kowa. A misalinmu, a ce an amince cewa rashin tashar ruwa dalili ne karɓaɓɓe mai zaman kansa idan ɗalibi ya bayyana shi ta fuskar hanyar kasuwanci, amma idan maimaita maganar gibin kuɗi kawai ya yi, ba a biya shi sau biyu. An amince ba a rage maki saboda munin rubutun hannu muddin yana karantuwa, kurakuran harshe kuma a cikin ukun nan na tsari kaɗai za a hukunta su, ba a bi ɗalibi da su cikin kowane sakin layi ba. Da wannan ɗalibar ta tashi da 2 da 5 da 2 da 3 da 1, jimla 13. Daga ranar duk wanda ya ci karo da amsa irin tata ya san abin yi, kuma idan wata sabuwar amsa ta ɓullo wadda ba a tattauna ba, ba ya yanke hukunci shi kaɗai a ɗakinsa. Ya kawo ta, a yanke, a sanar da sauran.

Mai karatu zai iya cewa bambancin maki biyar ko takwas a tambaya ɗaya ba abin tashin hankali ba ne. To a lissafa. A ce jarrabawar tambayoyi uku ce, maki 60, aikin cikin zango kuma 40, ɗalibar tana da 25 a ciki, kuma duk amsoshinta ukun ƙarfinsu ɗaya. A hannun malami na farko za ta tashi da 49. A hannun ta biyu 73. A bisa ma'aunin da aka amince 64. A tsarin da yawancin jami'o'inmu ke bi, 70 zuwa sama A ce mai daraja 5, 60 zuwa 69 B ce mai daraja 4, 50 zuwa 59 C ce mai 3, 45 zuwa 49 kuma D mai 2. Takarda ɗaya ke nan ta zama D ko B ko A, gwargwadon wanda ya ɗauki ɗaurin da take ciki.

Ko maki ɗaya tak yana da nauyinsa idan ya faɗo a kan iyaka. Ɗalibin da ya yi yunit 120 a shekarunsa huɗu ya tara daraja 418, matsakaicinsa 3.48 ne, digiri mai daraja ta biyu ƙarama. Da a ce wani kwas mai yunit uku da ya ci 69 an ba shi 70, da jimlarsa ta zama 421, matsakaicinsa ya haura 3.50, ya shiga daraja ta biyu babba. Wanda ya taɓa neman aiki ko gurbin ƙaro karatu ya san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun. Shi ya sa shugaban kan tsaya a kan 39 da 49 da 59 da 69. Sashe da sashe sun bambanta a nan: wasu sukan ce a sake karanta duk takardar da ta tsaya a irin wannan lamba a tabbatar, wasu sukan bar wa taron malaman sashe ya yanke. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne malami ɗaya ya riƙa cike wa nasa ɗalibai don tausayi, na kusa da shi yana barin nasa yadda suke. A ra'ayina wannan tausayin ya fi tsanani illa, don mai yin sa yana jin ya yi alheri, ba ya tuna ɗalibai ɗari huɗu da hamsin da ba su zo hannunsa ba.

Sashe na biyu na jawabin ya shafi abin da ke faruwa bayan kowa ya koma ɗakinsa da takardu ɗari da hamsin. Ma'aunin da aka daidaita ranar Litinin ba ya zama daram har Juma'a. Sabon mai maki yakan fara da tsanani, yana neman amsa irin wadda shi zai rubuta. Bayan takardu talatin ya ga babu mai kaiwa can, sai hannunsa ya saki. Wani kuma akasin haka ne, ya fara da sakin hannu, gajiya da ganin kuskure iri ɗaya sau hamsin su sa ya ƙule. Akwai kuma tasirin maƙwabtaka: matsakaiciyar amsa idan ta biyo bayan guda biyar marasa kan gado sai ta yi kama da gwaninta, idan kuma ta biyo bayan ta haziƙi sai ta zama abin tausayi. Haka nan ɗalibin da ya burge a tambayar farko akan yi masa uzuri a ta biyu ba tare da an lura ba.

Maganin da ake bayarwa ba shi da wuyar fahimta, wuyar bi gare shi. A ajiye takardun gwajin nan da aka amince da makinsu a kan tebur, kowace safiya a sake karanta ɗaya kafin a fara. A duba tambaya ɗaya a cikin dukkan takardu kafin a koma ta gaba, maimakon a gama takardar mutum ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, kuma idan za a shiga tambaya ta biyu a juya ɗaurin a faro daga ƙasa. Idan an gama, a koma kan goman farko a sake duba su, a ga ko da yau aka same su haka za a ba su. Kuma idan ido ya fara bin layi ba tare da kai na ɗauka ba, a ajiye biro. Takardar da aka duba ƙarfe ɗaya na dare da fitilar waya, ga sauro ga zafi, mai ita bai sami irin shari'ar da na ƙarfe tara na safe ya samu ba.

Wasu sassan sukan kauce wa matsalar ta wata hanya: maimakon a raba ɗalibai, sai a raba tambayoyi. Malami ɗaya ya duba tambaya ta ɗaya a takardu ɗari shida, wani ya ɗauki ta biyu. Ta haka tsananin mai tsanani ya faɗa wa kowa daidai. Dabara ce mai kyau, amma tana da iyaka. Idan jarrabawar ta zaɓi ce, a amsa uku cikin biyar, to waɗanda suka zaɓi tambayar da ke hannun mai tsanani sun shiga uku, waɗanda suka tsallake ta sun sha. Ga kuma yawon da takardu ke yi daga ofis zuwa ofis, wanda a nan ne ƙarin takardar da ba a ɗaure da kyau ba ke ɓacewa.

To ta yaya shugaba zai gane wani ya kauce? Yakan gaya musu tun farko, don kada a ji haushi daga baya, cewa zai zari wasu takardu daga ɗaurin kowa ya sake dubawa, musamman a kwanakin farko, kafin kuskure ya yaɗu cikin ɗari da hamsin. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sannan zai kwatanta matsakaicin makin kowane ɗauri. Idan uku sun tsaya wajen 54 zuwa 57, na huɗu ya tsaya a 44, akwai abin tambaya. Amma tambaya ce, ba hukunci ba tukuna. Idan bisa jerin lambar rajista aka raba takardun, mai yiwuwa ɗaurin ƙarshe ne ya tattara masu maimaita kwas, raunin na ɗaliban ne ba na malamin ba. Abin da ya sa ya fi kyau a cakuɗa takardu kafin a raba ke nan.

Matsakaici kuma yana iya ɓoye wata cutar. Akwai malamin da tsoro ke sa ya tattara kowa tsakanin 50 da 60: ba ya kayar da kowa don kada a zo masa da kuka, ba ya ba kowa A don kada a ce ya yi sakaci. Lissafinsa zai fito tsaf kamar na kowa, alhali ya danne haziƙai ya ɗaga ragwaye. Sai an dubi mafi girman makinsa da mafi ƙanƙanta ake kama shi. Wannan ne ma ya sa gyaran da ya fi saurin zuwa a rai, wato a ƙara wa duk 'yan ɗaurin mai tsanani maki goma, ba kullum yake daidai ba. Yana yin aiki ne kawai idan takardun da aka zara sun nuna cewa ragin nasa iri ɗaya ne a sama da ƙasa. Idan a tambaya guda ya kauce, wannan tambayar za a sake dubawa. Idan kuwa makinsa ba shi da alƙibla, yau sama gobe ƙasa, babu lissafin da zai gyara shi, sai wani ya sake duba ɗaurin baki ɗaya.

Akan rufe jawabin da abubuwan da kowa ke rainawa. A ja layi a kowane shafi don a nuna an karanta shi, a leƙa har bangon ƙarshe domin ɗalibai kan ci gaba da amsa a can, a tara jimla sau biyu, a tabbatar abin da ke kan takarda shi aka kwafa a takardar sakamako. Kuskuren tara lamba da na kwafe ta ba ya buƙatar wani saɓanin fahimta, 63 ce kawai ke komawa 36. Idan kuma mai maki ya gane rubutun ƙaninsa ko 'yar maƙwabcinsa, ya miƙa wa wani takardar, ba sai an kai ga zargi ba.

Duk wanda ya taɓa zuwa makin WAEC ko NECO zai ga bai ji sabon abu ba a nan. Su ma kafin a ba kowa takarda sai an yi zaman daidaitawa, a bi jadawali layi-layi, a gwada hannu a kan kwafin takardu, sannan shugaban rukuni ya riƙa duba samfurin aikin waɗanda ke ƙarƙashinsa. A jami'a akwai matakai a sama da mai maki: taron sashe, taron tsangaya, majalisar jami'a, da malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a ya duba aikin 'yan ajin ƙarshe. Sai dai yawancin waɗannan matakan lambobi suke gani a jere, ba amsoshi ba. Idan 49 ta iso gabansu, ba su da hanyar sanin cewa 64 ce ta faɗa hannun da bai dace ba.

Ɗalibin da ya tabbata sakamakonsa bai yi kama da abin da ya rubuta ba, ya sani cewa jami'o'i suna da ƙa'idar neman a sake duba takarda, galibi da kuɗin da ake biya da wa'adin da ba a wucewa. Ya nemi littafin dokokin jami'arsa ya karanta, ya rubuta takardar koke ta hannun shugaban sashe, ya bar bin malami ofis yana roƙo. Ya kuma shiga da sanin cewa mai dubawa na biyu jadawalin nan dai zai bi, kuma makin na iya hawa, yana iya tsayawa inda yake, yana kuma iya sauka.